Ɗari Biyu da Saba'in da Uku

Yayata shekara ashirin da shida ke nan tana tura tukwanen iskar oksijin a asibiti. Can ana kiranta Inna Mai Tukunya, ni kuwa Yaya nake ce mata, ita kuma har yau da furfura a gemuna Auta take ce mini, ko da a gaban ɗalibaina ne. Ni malamin Kemistiri ne a makarantar sakandare. Ina faɗin wannan tun da wuri don a san cewa abin da ya faru ba jahilci ne ya jawo shi ba.

Ba neman aikin asibiti ta yi ba, aikin ne ya same ta a zaune. Tana ajin ƙarshe na sakandare mahaifiyarmu ta kwanta ciwon ƙirji, aka ba ta gado, Yaya ta ajiye littattafanta ta tare a gefen gadon wata goma sha ɗaya. A cikin watannin nan ta koyi juya majinyaci ba tare da ta fama masa ciwo ba, ta koyi canza zanin gado da mutum a kai, ta kuma gane ƙarar da tukunya take yi idan iskar ciki ta kusa ƙarewa. Da Allah ya karɓi ran mahaifiyarmu, babbar nas ɗin ɗakin ta ce ba za ta bar hannu irin wannan ya tafi ba. Aka ba ta shuɗiyar riga da keken turawa. Ni a lokacin ina aji ɗaya, na ci gaba da karatuna babu abin da ya tsaya mini.

Ɗakin ajiyar tukwanen yana bayan asibitin, kusa da wurin wanki, da rufin kwano da taga ɗaya. Cikakku a dama, ɗaure da sarƙa a jikin bango, waɗanda suka ƙare a hagu, ta yi musu alama da alli. Yaya gajeriya ce, tukunyar ta kusa kai ta tsawo, amma in ka ga yadda take karkata ta, ta murza ta a kan gindinta har ta hau keke, sai ka ɗauka fanko ce. Na taɓa cewa bari in taya ta, na kusa karya ɗan yatsan ƙafata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Auta, koma ka riƙe allinka, shi ne daidai nauyinka.”

Ta yi aure, mijinta mai gyaran keken ɗinki ne, mutum marar hayaniya, sun haifi 'ya mace ɗaya. Ba ta taɓa yi mini ƙorafin rayuwarta ba. Abu ɗaya dai na sani yana ci mata rai. Sabbin nas za su zo, yara sa'annin 'yarta, ita za ta nuna musu yadda ake ɗaura agogon da ke nuna matsin iska a kan tukunya, ita za ta raɗa musu cewa majinyacin gado na uku numfashinsa ya canza. Amma da zarar likita ya shigo sai a ce, “Inna, ɗan ba mu wuri.” Sai ta ja kekenta ta fita.

Asibitin yana da makarantar horar da ma'aikatan jinya, kuma duk shekara akan ware gurbi kaɗan ga tsofaffin ma'aikata irin su Yaya, in sun ci jarrabawar shiga. Sharaɗi ɗaya ne mai tsanani, kada mutum ya kai shekara arba'in da biyar. Yaya ta yi ta ɗagawa, yau ciwon miji, gobe hidimar 'ya, har ta wayi gari tana da arba'in da huɗu da 'yan watanni. Ta zo gidana ranar wata Asabar da tsohon littafin Kemistiri a jaka, ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa, ta ce, “Auta, bana zan rubuta. In ban shiga bana ba, shi ke nan, an rufe ƙofa. Turanci da ilmin jikin mutum ba na jin tsoronsu. Wannan naka ne ke hana ni sakat.”

Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta, ai gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Muka yi shawara duk Asabar za ta riƙa zuwa. Asabar biyu muka yi. Ta uku aka canza mata lokacin aiki, ta huɗu ni nake da darasin 'yan ajin ƙarshe, daga nan sai karatun ya koma cikin waya. In ta samu sarari a ɗakin ajiya sai ta ɗora littafin a kan wani benci, ta ɗauki hoton tambaya ta turo mini. Hotunanta duk a karkace suke, kuma kusan kullum da gefen babban yatsanta a ciki. Ni kuma in warware a bayan takarda tsakanin darasi da darasi, in ɗauki hoto in mayar mata.

Wata rana ta turo tambaya a kan dokar iska. Ga abin da ke ciki: iska mai girman lita 9, zafinta digiri 27 a ma'aunin Salshiyas, matsinta kilofaskal 100. Aka kai zafin digiri 127, aka kai matsin faskal 200,000. Nawa girmanta zai koma?

Wanda ya yi wannan darasi ya san hanyar. Dokar ita ce PV = nRT, wato matsi sau girma daidai yake da yawan iskar sau wata tsayayyar lamba sau zafi. Tunda ba a ƙara iska ba, ba a rage ba, to matsi sau girma a raba da zafi ba ya canzawa, abin da ya bayar da farko shi zai bayar a ƙarshe. Sai dai kafin a taɓa lissafi dole a daidaita ma'aunai. Matsin farko da na biyu su zama a ma'auni ɗaya, zafi kuma a mai da shi Kelbin, wato a ƙara 273 a kan digirin Salshiyas. Dalili kuwa shi ne sifilin Salshiyas ba nan ne ƙarshen zafi ba, wurin da ruwa ke daskarewa ne kawai, ainihin sifilin yana can ƙasa da digiri 273. A aji nakan ce wa yara, wanda ya shekara huɗu da aure bai ninka wanda ya shekara biyu da aure a tsufa ba, in kuna son gwada shekarunsu ku fara ƙirga daga ranar haihuwa. Yara suna son wannan misali, ni ma ina ji da shi. Shekara goma sha huɗu ina maimaita shi ga 'ya'yan mutane, ban taɓa faɗa wa Yaya ba.

Abin da na rubuta mata layi biyu ne: 100 × 9 ÷ 300 = 200 × V ÷ 400. A ƙasa, V = lita 6. Amsar daidai ce, babu kuskure ko ɗaya. Amma 27 ya zama 300, 127 ya zama 400, faskal 200,000 ya zama kilofaskal 200, duk a cikin kaina, don hannuna ya saba har ba na ganin wannan matakin a matsayin mataki. Batun faskal bai ba ta wahala ba, wadda take auna jarirai ta san kilo dubu ne. Zafin ne ya ɗaure mata kai. Ta turo saƙon murya, ina jin ƙarar injin wanki a bayanta: “Auta, wannan ɗari ukun daga ina ya fito? Ban gan shi a tambayar ba.”

Ina tsaye a bakin ƙofar aji, yara suna ta surutu a ciki. Na rubuta mata, “Kelbin ne, Yaya.” Na jefa wayar a aljihu.

Ba ta sake tambaya ba. Wanda bai san Yaya ba zai ce me ya hana ta. Ita ce ta goya ni, ita ta koya mini ɗaure igiyar takalmi, kuma tambayar ƙaninta abu ɗaya sau biyu ya fi mata ɗaukar tukunya nauyi. Sai ta yi abin da ta iya. Ta buɗe bayan littafinta ta fara jeri: 27 shi ne 300, 127 shi ne 400, 77 shi ne 350, 227 shi ne 500. Ta haddace su kamar yadda ta haddace lambobin gadaje. Masu rubuta littattafan nan kuwa suna da wata ɗabi'a da ban taɓa lura da illarta ba, kusan kullum lambobin da suke zaɓa masu ƙarewa da bakwai ne, don lissafin ya fito sumul. Saboda haka jerin Yaya ya yi ta yi mata aiki, tana ta samun amsa daidai, ni ina ta tura mata “Madalla”.

Saura kwana tara jarrabawa ta turo wani hoton. Wannan karon ba tambaya kaɗai ba ce, ta warware da kanta a ƙasa. Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta tsohuwar takardar jarrabawa. Iska lita 3, digiri 20, kilofaskal 100, aka kai ta digiri 40 da faskal 150,000. Babu 20 a jerinta, babu 40. Ta yi zaton waɗancan lambobin ne kawai ke da wani suna na daban, waɗannan kuwa a yi amfani da su yadda suke. Ta mai da faskal 150,000 ya zama 150, ta jera komai a mazauninsa, ta sa 20 da 40, ta samu lita 4. A ƙarƙashin hoton ta rubuta, “Haka ne?”

Muna taron malamai a lokacin, shugaban makaranta yana ta jan magana a kan masu makara. Na buɗe hoton a ƙarƙashin tebur. Idona ya sauka a kan tsarin lissafin, na ga matsi a wurinsa, girma a wurinsa, na ga ta mai da faskal, har na ji daɗi. Ban duba lambobin zafin ba. Ban kuma ja hoton ƙasa na ga ƙananan rubutun da ta yi a gefe da fensir ba. Na rubuta, “Daidai ne, Yaya. Kin gama da wannan babin.” Daƙiƙa goma ban kai ba.

Ranar jarrabawa daga zauren ta wuto gidana kai tsaye, fuskarta kamar an ba ta kyautar mota. Matata ta kawo mata ruwa, ba ta ko sha ba ta ce, “Auta, naka ya fito. Maki takwas. Kuma na lura da dabarar da suka yi.” Ta jawo ambulan ɗin da ke kan tebur ta rubuta a bayansa. Lita 6, digiri 25, kilofaskal 100, zuwa digiri 50 da faskal 200,000. “Ka gani? Matsi ya ninka, zafi ya ninka, sai suka cinye juna. Lita shida ɗinta tana nan. Na ga na kusa da ni suna ta danna na'urar lissafi, ni minti biyu na gama.”

Ba sai na ɗauki biro ba, 25 shi ne 298, 50 shi ne 323, zafin bai kai ko kusa da ninki ba, amsar wajen lita uku da kwata ce. Na dube ta, na dubi ambulan ɗin, na ce, “Allah ya ba da sa'a, Yaya.” Ta ce amin, ta sha ruwanta.

Bayan ta tafi na koma cikin waya na nemo hoton kwana tara da suka wuce, na buɗe shi sosai. Ga 20 da 40 zaune ƙiri-ƙiri, ga “Daidai ne” tawa a ƙasa. Sannan na ga rubutun fensir ɗin. Ta rubuta: “Amma a ajiyarmu da safe da sanyi, da rana kwano ya yi zafi, allurar agogo kaɗan take hawa, ba ta ninkawa. Ko ta littafi daban ce?”

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shekara ashirin da wani abu tana kallon allurar nan, ta san gaskiyar dokar fiye da duk yaran da na taɓa koyarwa. Daga digiri 20 zuwa 40 matsin tukunya ba ya ƙaruwa da abin da ya wuce kashi bakwai cikin ɗari, kuma abin da 313 a kan 293 ke bayarwa ke nan. Ta hango kuskuren da idonta, ta kawo mini shi har hannu, ni na ce mata daidai ne. Ta bar abin da ta sani ta kama maganata, don ni ne mai digiri.

Mako uku aka yi kafin sakamako ya fito, kuma a mako ukun nan ban ce mata komai ba. Na riƙa gaya wa kaina bakin alƙalami ya riga ya bushe, faɗa ba zai gyara ba, wataƙila ma ta haye ba tare da makin nan ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Matata da ta ga na rage cin abinci ta matsa mini, na ba ta labari. Ta ce, “Kai dai inuwar giginya ne.” Ban yi musu ba, don na san na nesa ne suka sha.

Ana neman maki hamsin, Yaya ta samu arba'in da bakwai. Ba a nuna wa kowa takardarsa, saboda haka ba zan rantse cewa tambayar nan kaɗai ce ta kayar da ita ba. Wataƙila an ba ta wani abu a kan tsarin lissafin, wataƙila ta zubar da maki a wani wurin. Na yi wa kaina wannan lissafin ya fi sau ɗari, ta kowace hanya na bi sai in tarar maki ukun nan suna cikin hannuna. An yi wa mai dami ɗaya sata, kuma ɓarawon ɗan gida ne.

Kwana biyu bayan sakamakon na je asibitin da rana. Na same ta a ɗakin ajiya tana yi wa tukwane alama da alli, zafin kwano yana dukan kai. Ta ce, “Auta, lafiya? Ko makarantar ce ta kore ka?” Na ce mata ta zauna. Na buɗe hoton na miƙa mata, na ce, “Yaya, wannan da na ce miki daidai ne, ba daidai ba ne. Ban duba ba. Kuma tun ranar da kika rubuta a bayan ambulan na gane, na yi shiru.”

Ta kalli wayar. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta miƙo mini allin da ke hannunta ta ce, “To nuna mini.”

Na durƙusa na rubuta a kan siminti. Ta buɗe bayan littafinta ta nuna mini jerin nan nata, na ce ta cire 27 daga 300. Ta ce ɗari biyu da saba'in da uku. Na ce ta cire 127 daga 400. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tsaya. Ta bi jerin da yatsa har ƙasa, leɓenta yana motsi. Sannan ta karɓi allin daga hannuna, ta rubuta 293 da 313 da kanta, ta ciro wayarta ta danna, 100 sau 3 sau 313, a raba da 293, a raba da 150. Ta ce, “Biyu da ɗigo ɗaya huɗu. Ashe raguwa ta yi, ba ƙaruwa ba.” Ta ɗaga kai ta dubi agogon da ke kan tukunyar kusa da ita. “Ashe ba daban ba ce da ta littafi.”

Na ce, “Ba daban ba ce, Yaya. Ke ce kike da gaskiya tun farko.”

“Kowace lamba aka ba ni, in ƙara wannan kawai?”

“Kowace lamba.”

“Shi ke nan duka?”

“Shi ke nan.”

Ta dubi rubutun da ke ƙasa, ta dubi agogon hannunta, irin kallon da ma'aikatan asibiti ke yi ba tare da sun sani ba. Ta ce, “Ko minti biyar ba mu yi ba.” Ba da zafi ta faɗa ba, kamar dai mai karanta abin da allura ta nuna. Da na sani ƙeya ce, na sha faɗa wa yara haka ranar da sakamako ya fito, ban san nauyinta ba sai ranar.

Wata huɗu bayan nan ta cika arba'in da biyar. Na je wurin shugabar makarantar horarwar har sau biyu ina roƙo, ta saurare ni da mutunci, ta ce doka ce, ba ita ta kafa ba. Yaya da ta ji labari ta ce kada in sake zuwa, ba ta son a riƙa nuna ta a hanya. Zumuncinmu bai yanke ba, tana zuwa gidana, tana tsokanata a kan tumbina, 'ya'yana suna rububinta. Hoto ne dai ba ta sake turo mini ba, ko na biki. Ni kuma yanzu a aji duk wanda ya tsallake layin ƙara 273 sai na soke aikinsa ko da amsarsa daidai ce, yara suna cewa na cika tsanani. Wannan bai ƙara wa Yaya maki ko ɗaya ba.

Ranar nan a ɗakin ajiya, muna durƙushe a kan lissafin, wata sabuwar nas ta leƙo, yarinya ƙarama cikin farar riga, ta ce ana neman tukunya a ɗakin yara. Yaya ta miƙe ta karkaɗe allin hannunta a jikin shuɗiyar rigarta. Ta kwance sarƙa, ta karkata tukunya ta murza ta ta hau keke. Ni kuma na miƙe na tsaya a bakin ƙofa. Ƙafar keken ta bi ta kan 293 ta goge rabinsa.

Ta ce, “Auta, ɗan ba ni wuri.”